Sharhi: Yadda Ake Taƙaita Takardar Fahimtar Juna

Takardar fahimtar juna ita ce rubutun da ƙungiyoyi biyu ke rattaba wa hannu domin bayyana abin da suka daidaita a kai, kuma sau da yawa takan zo kafin a ƙulla cikakkiyar kwangila, ko kuma ta tsaya a madadinta. Shugabannin da za su amince da ita ba kasafai suke karanta ta daga farko zuwa ƙarshe ba, sun fi dogara da taƙaitawar da sakatare ko lauya ya shirya musu a shafi guda, saboda haka duk kuskuren da ya shiga wannan shafi yakan bi ƙungiyar har cikin shawarar da za ta yanke. Taƙaitawa mai amfani tana amsa tambayoyi huɗu: me kowane ɓangare ya yi alkawarin aikatawa, me zai kawo, har zuwa yaushe, kuma ta wace hanya zai fita idan tafiya ta ƙi.

Takardar da Gwamnatin Tarayyar Najeriya da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU suka sa wa hannu a watan Disambar 2013 ta isa misali, domin ita ce ta kawo ƙarshen yajin aikin da aka fara ranar 1 ga Yulin wannan shekara. Abin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne cewa gwamnati ta amince ta ba jami'o'i naira tiriliyan 1.3. Maganar ba ƙarya ba ce, amma a matsayin taƙaitawa ta gaza, domin ta dunƙule alkawura shida ta mai da su ɗaya. Tsarin da aka daidaita a kai shi ne naira biliyan 200 a shekarar 2013, sannan naira biliyan 220 a kowace shekara daga 2014 zuwa 2018, a zuba su a wani asusu na musamman a Babban Bankin Najeriya domin farfaɗo da jami'o'in gwamnati. Wanda ya rubuta jimillar kaɗai ya hana mai karatu sanin ranar da za a iya cewa an saɓa alkawari; wanda ya jera shekarun da kason kowace ya ba shi ma'aunin da zai duba a ƙarshen kowace shekara.

A nan ne ake bukatar raba alkawari da gudummawa, waɗanda masu taƙaitawa kan cakuɗa. Alkawari aiki ne da wani ya ɗaukar wa kansa, gudummawa kuwa ita ce dukiya ko ma'aikata ko wurin da zai bayar domin aikin ya yiwu. A wannan takarda gudummawar gwamnati kuɗi ce, alkawuranta kuma sun haɗa da sakin kuɗin a kan kari, da sake zama a kan yarjejeniyar da ta ƙulla da ASUU a 2009, da kuma cewa ba za a hukunta kowa saboda ya shiga yajin aikin ba. Alkawarin ASUU shi ne janye yajin aiki da komawa aji, kuma ta cika shi cikin 'yan kwanaki. Da an ajiye ɓangarorin biyu gefe da gefe, abin da zai fito fili shi ne cewa ɗaya ya biya nasa nan take, ɗayan kuma nasa ya miƙe har shekara shida. Irin wannan rashin daidaito ba laifi ba ne, amma wajibi ne mai taƙaitawa ya nuna shi, domin ɓangaren da ya riga ya sauke nasa kaya ba shi da sauran abin riƙewa idan ɗayan ya yi nawa.

Kowace gudummawa tana da tushe, kuma tushen yana cikin abin da ya kamata a rubuta. ASUU ta nace a kan ganin shaidar cewa an ajiye kason farko a Babban Banki kafin ta janye yajin aikin, kuma an ajiye. Sauran kason kuwa sun dogara ne da abin da zai shiga aljihun gwamnati a shekaru masu zuwa, ga shi farashin ɗanyen mai ya faɗi tun daga tsakiyar 2014, aka kuma samu sauyin gwamnati a 2015, kuma ba a saki kuɗin kamar yadda aka tsara ba. Saboda haka taƙaitawar da ta san aikinta za ta bambanta kuɗin da ke hannu da kuɗin da ake sa rai. Haka nan ba za ta sauya ƙarfin kalmomin takardar ba: inda aka rubuta cewa ɓangare zai yi ƙoƙarin samar da abu, ba a mai da shi zai samar, domin na farko niyya ce, na biyu kuwa nauyi ne da za a iya tuhumar mutum a kansa.

Batun wa'adi ya fi sauƙi, sai dai akan manta cewa ranaku uku ne: ranar sa hannu, ranar da takardar ta fara aiki, da ranar ƙarewa ko ta sake dubawa. Yarjejeniyar 2009 ta tanadi a sake duba ta bayan shekara uku, amma sai a 2017 aka kafa kwamitin sake tattaunawa a ƙarƙashin Wale Babalakin. Ranar sake dubawa da ba a ɗora wa kowa alhakin kiran zamanta ba, wucewa take yi ba tare da an lura ba.

Sharuɗɗan ficewa su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin a ranar sa hannu ba mai son ambaton rabuwa. Abin da ake nema a nan shi ne tsawon sanarwar da mai fita zai bayar, da laifin da ke halatta fita nan take, da makomar kuɗi da ayyukan da ba a kammala ba, da wanda zai shiga tsakani idan an samu saɓani. Kundin yarjejeniyar ECOWAS, ko da yake ya fi takardar fahimtar juna ƙarfi, ya nuna yadda irin wannan sharaɗi ke aiki: ya tanadi sanarwar shekara guda, shi ya sa Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu a Janairun 2024, amma ficewar ba ta tabbata ba sai a Janairun 2025. Idan takarda ba ta ce komai a kan ficewa ba, mai taƙaitawa ya rubuta ƙarara cewa ba ta ce komai ba, kada ya cike gurbin da abin da ya saba gani a wasu takardu.

Akwai kuma layi ɗaya da ya kamata ya zo a saman shafin, wato ko takardar tana ɗaure ɓangarorin a gaban shari'a. A 2017, a shari'ar kamfanin gine-gine na BPS da Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa takardar fahimtar juna da aka rataya a kan wata kwangila da za a ƙulla nan gaba ba ta zama kwangila ba. Duk shugaban ƙungiyar da aka kawo wa taƙaitawar da babu wannan layi a cikinta, ya mayar da ita a gyara kafin ya ɗauki alƙalami.