Girman na'ura ko aikin da aka sa ta: darasin ƙudurin da ya faɗi a Kaliforniya

A ranar 30 ga Mayun 2023, wata cibiya mai suna Center for AI Safety ta fitar da sanarwa mai jimla ɗaya tak, wadda ta nemi duniya ta ɗauki barazanar ƙarewar ɗan Adam ta hanyar ƙirƙirarriyar basira da muhimmanci irin wanda take bai wa annoba da yaƙin nukiliya. Cikin waɗanda suka sa hannu har da Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio, biyu daga cikin magabatan fannin, da Sam Altman, shugaban kamfanin OpenAI.

Hujjarsu ita ce, ba a rubuta wa waɗannan na'urori ƙa'idojin aiki layi bayan layi. Horar da su ake yi da tarin bayanai, har ta kai maginansu ba sa iya fayyace dalilin kowace amsa da suka bayar. Idan ƙarfinsu ya ci gaba da ƙaruwa, alhali fahimtar cikinsu tana baya, to wata rana linzami na iya kuɓucewa.

Wasu masana kuwa, irin su Timnit Gebru da Emily Bender, suna ganin wannan tsoro yana kawar da ido daga ɓarnar da ake yi a yau. A Janairun 2023 mujallar Time ta bankaɗo yadda aka riƙa biyan ma'aikata a Kenya ƙasa da dala 2 a awa, don su tantance rubuce-rubucen fyaɗe da kisa da aka yi amfani da su wajen tsabtace ChatGPT.

Muddin ana kan muhawara, kowa na iya cewa a kula da duka biyun. Amma idan aka zo rubuta doka, dole a zaɓi ma'auni, kuma abin da ya faru a jihar Kaliforniya ta Amurka ya nuna hakan.

A 2024 Sanata Scott Wiener ya gabatar wa majalisar jihar ƙudurin SB 1047. Ƙudurin ya shafi manyan na'urori ne kawai, waɗanda horar da su ya ci fiye da dala miliyan 100. Ya wajabta wa maginansu su rubuta tsarin kariya, su kuma tanadi hanyar kashe na'urar gaba ɗaya. Ɓarnar da yake gudu ita ce mutuwar jama'a masu yawa, ko harin da zai jawo asarar dala miliyan 500 zuwa sama. Majalisa ta amince, amma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a ranar 29 ga Satumba. Dalilinsa shi ne ƙudurin ya dubi girman na'ura, bai dubi inda ake aiki da ita ba, alhali ƙarama ma na iya yin illa.

Wani lamari da ya auku a birnin Detroit ya fito da ma'anar wannan suka. A Janairun 2020 'yan sanda suka kama wani baƙar fata a gaban matarsa da 'ya'yansa bisa zargin satar agoguna, suka tsare shi kusan awa 30, saboda manhajar gane fuska ta haɗa hotonsa da na wani. Manhaja irin wannan ba ta kusa da ma'aunin dala miliyan 100, kuma tsare mutum ɗaya ba ya cikin ɓarnar da ƙudurin ya lissafa. Abin da ya kawo gyara shi ne ƙarar da mutumin ya shigar, wadda ta ƙare a 2024 da yarjejeniyar da ta hana 'yan sandan birnin kama mutum bisa sakamakon manhajar kaɗai.

Sai dai labarin bai bar ɗaya ɓangaren da cikakkiyar nasara ba. An sha zargin cewa tsoron halaka dabara ce ta kamfanoni don tallata hajarsu da toshe wa ƙananan abokan gasa hanya. Amma da aka zo mayar da tsoron doka, OpenAI ya tsaya cikin masu adawa, duk da sa hannun shugabansa a sanarwar 2023, yayin da Hinton, wanda ya bar Google don ya samu sakewar yin gargaɗi, ya goyi bayan ƙudurin tare da Bengio. Ashe masu gargaɗin ba tafiyarsu ɗaya ba.

Tarayyar Turai ta bi wata hanyar. Dokarta da ta fara aiki a Agustan 2024 ta jera haɗari bisa aikin da aka sa na'ura, kamar ɗaukar ma'aikata, ba da bashi da aikin 'yan sanda, sannan ta ware ƙarin sharuɗɗa ga na'urori mafi ƙarfi. Hakan ya nuna doka ɗaya na iya ɗaukar ma'auni biyu.

Saboda haka, duk ƙudurin da aka kawo da sunan tsare jama'a daga wannan fasaha, a auna shi da tambayoyi biyu: wa zai iya kai ƙara idan na'ura ta cuce shi yau, kuma wa ke da ikon bincika manyan na'urori kafin a sake su? Wanda ya amsa ɗaya kaɗai ya bar rabin aikin.