Aikin Jidda da ya tsaya a rumfar mai POS

Shekara uku wani matashi a Toranke, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, ya yi yana tara kuɗi: da damina gero da gyaɗa, da rani acaɓa a hanyar Gaya, ga adashin mako-mako. Burinsa ya sayi babur nasa na kansa, ya huta da kai wa mai babur balas kullum yamma. Ana haka wani saƙo ya shigo masa ta WhatsApp daga wani ejan, wai wani kamfani a Jidda na neman direbobi, da ɗakin kwana da abinci, albashi da riyal.

Ba a nemi kuɗi da yawa ba da farko. Kuɗin fom ne, ya biya. Bayan kwana biyu aka ce kuɗin gwajin lafiya, alhali babu asibitin da aka tura shi, babu wanda ya ɗebi jininsa. Nan ma ya biya. Sai ga hoton takardar ɗaukar aiki da tambari da rubutun Larabci, sunansa ɓaro-ɓaro a sama. A nan ne ejan ɗin ya buɗe baki sosai: a turo kuɗin biza da na jirgi kafin Juma'a, gurbi biyu ya rage. Adadin ya kusa cinye duk abin da ya tara.

Ya ɗauki adashinsa ya nufi rumfar mai POS. Da aka buga lambar asusun, sai sunan wani mutum ya fito, ba sunan kamfani ba, ba kuma sunan ejan ɗin ba. Mai POS ya dakata. Wani dattijo da ke zaune a benci, wanda ya yi shekaru a Saudiyya, ya karɓi wayar ya duba takardar.

"Yaro, wane ne kafilinka?"

"Baba, ba su faɗa mini ba."

"To wace biza za su ba ka?"

Da aka kira ejan ɗin aka matsa masa, sai ya ce ai da bizar Umara za a shiga, in an isa a juya ta ta koma ta aiki. Da aka nemi adireshin ofishinsa a Kano, ya kashe waya. Bai sake ɗauka ba.

Wannan jarida na ganin tambayoyin dattijon nan su ne ƙashin bayan maganar. Bizar Umara ta ibada ce, ba ta ba kowa izinin aiki ba. Wanda ya zarce wa'adinta ya zama ɗan takari: ba iƙama, kullum cikin ɓuya, in an kama shi sai tsarewa da koro. Bizar aiki kuwa daga can take farawa. Mai ɗaukar ma'aikaci ne ke nemo ta da sunansa, a yi kwantiragi da ya bayyana aikin da albashin. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 40, ta ɗora wa mai ba da aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci da na iƙama da na izinin aiki. Duk wanda ya ce talaka ya fara sayar da bijiminsa ya biya waɗannan, ya kifar da tsarin ke nan.

A gida ma akwai ma'auni. Kamfanin da ke kai mutane aiki waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. 'Yan damfara kan nuna takardar rajistar CAC, wadda shaida ce kawai cewa an yi wa suna rajista, ba izinin fitar da ma'aikata ba.

Abin da ke damunmu shi ne nisan wannan bayani da inda ake bukatarsa. EFCC da NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, duk suna da ofis a birnin Kano, haka ma ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya. Amma saƙon ɗan damfara cikin daƙiƙa yake isa Toranke, da Hausa, har da sallama da addu'a. Muna kira ga hukumomin nan su kai bayanin rediyo, su kai shi bakin limaman Juma'a da dagatai a Gaya da Ajingi, su kuma zauna da masu POS, tunda ta hannunsu kuɗin ƙauye ke fita.

Kuɗin fom da na gwaji sun tafi. Matashin bai kai ƙara ba, kunya ta hana shi, lambar ejan ɗin kuwa tana iya ci gaba da yawo a wayoyin sa'o'insa. Sauran kuɗin ya mayar gida, yana jiran a gama girbi ya cike na babur.