Ruwan zogalen da muke zubarwa a rariya

Ana yawan cewa girki yana kashe bitamin, har wasu suka koma ganin ganyen da ya hau wuta ba shi da sauran amfani. Ni a ganina wuta ba ta kai ruwa da kanwa ɓarna ba, kuma dahuwar zogalen kwaɗo ta isa misali.

Yadda aka saba shi ne a cika tukunya da ruwa, a zuba zogale, a jefa kanwa don ya yi laushi ya riƙe korensa, a bar shi ya daɗe yana tafarfasa. Daga nan a tsiyaye ruwan, a matse ganyen tsaf, wasu ma har su ɗauraye shi da ruwan sanyi. Kowane mataki a nan yana da abin da yake kwashewa.

Bitamin C da wasu daga dangin bitamin B, irin su folik asid da ake ba masu juna biyu wajen awo, suna narkewa cikin ruwa. Ganye na yin laushi sai su fice su koma cikin ruwan dahuwar. Ganyen da ya daɗe a ruwa mai yawa yakan rasa rabin bitamin C ɗinsa ko fiye. Wani ɓangare zafi ne ya lalata shi, amma kaso mai tsoka yana nan cikin koren ruwan da aka juye a rariya. Shi ya sa miyar alayyahu ko taushe ba ta yin asara irin ta kwaɗo, domin romon duk ciki zai tafi.

Kanwa ita ta fi damuna, saboda tana yaudarar ido. Tana hana koren ganye dushewa, sai uwargida ta ga zogale shar ta ɗauka lafiya lau yake. Alhali bitamin C da bitamin B1 ba sa jure kanwa, nan da nan suke lalacewa a cikinta. Tsami kuwa, na lemo ko na tsamiya, yana ɗan dusar da launi amma yana kare bitamin C. Don haka idan kanwa ta shiga tukunya, launi ya daina zama shaida. Idan babu ita, to ganyen da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yana narkewa a hannu ya wuce ƙima.

Mafita tana cikin kicin ɗinmu tun kaka da kakanni, wato madambaci. Mai dambun zogale ba ta tsoma ganye a ruwa, tururi ne ke dafa shi, ba abin da ake tsiyayewa. Haka za a yi wa na kwaɗo. A zaɓi ganye mai taushi, a wanke shi kafin a yanka in mai yankawa ne, domin wanki bayan yanka yana tafiya da sinadaran ta bakin yankan. A bari ruwa ya tafasa sannan a ɗora, a rufe. Alayyahu minti 3 zuwa 5 ya ishe shi, zogale ya fi shi tauri, yakan so minti 10 ko ɗan fiye. In babu madambaci, a sa ruwa kaɗan wanda zai kusa ƙafewa, ragowar a juye a miya. Ganyen miya kuma ya shiga a ƙarshe, ana dab da saukewa.

Batun suya daban ne, kuma a nan masu tsoron wuta suka fi kuskure. Sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda ke cikin karas, kabewa, manja da koren ganye, ba ya narkewa a ruwa, mai yake bi. Dahuwa tana sassauta jikin kayan lambun, man kuma ya taimaka wa hanji ya tsotse shi. Karas da aka ɗan soya ya fi ɗanye ba jiki wannan sinadari, haka ma jan sinadarin tumatir ya fi fitowa in an soya. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗan da ake zubawa a kwaɗo aikin da suke yi ke nan, ba daɗi kawai ba. Abin gudu shi ne wuta mai ƙarfi da doguwar suya. Manjan da aka ƙona har jansa ya washe ya riga ya rasa abin da ake nema a cikinsa.

Akwai ganyen da wannan shawara ba ta shafa ba. Ganyen rogo, wanda ake miyarsa sosai a Kamaru da Kwango, yana ɗauke da guba, dole a daka shi a dafa shi ya dahu lugub, ko da bitamin zai ragu. Rama ma an saba zubar da ruwanta na farko don rage tsami. In an yi haka, a yanka ɗanyen tumatir da albasa da tattasai a kai, a matsa lemon tsami lokacin ci. Bitamin C ɗin da ke cikinsu zai maye gurbin wanda ya tafi, kuma yana taimaka wa jiki ya karɓi sinadarin ƙarfen ganyen, wanda ake buƙata wajen gina jini.