Maki nawa ya rage wa ɗiyarki a kwas ɗin intanet? Ga yadda za ki lissafa

Idan kina da ɗa ko ɗiya da ke karatu ta waya, ko ke da kanki kika yi rajista, yau lissafi za mu yi, sai ki jawo biro da takarda kusa.

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, matasa da yawa a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu suka rungumi kwasa-kwasan intanet, har da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke haɗawa da karatunsu. Kuɗin data kuwa sau da yawa daga bakin zanen uwa yake fita. Abin da ke ba ni takaici shi ne yarinya ta kwashe wata uku tana kai caji shago, ta ce miki makinta ya yi kyau, ranar karɓar satifiket kuma a ce ba ta kammala ba.

Dalili shi ne tsarin bai yi kama da jarrabawar firamare ba, inda ake tara maki a raba, darasin da aka ci da kyau ya rufa wa mai rauni asiri. A irin waɗannan kwasa-kwasan kowane babi yana da nasa shingen. A kwasa-kwasan satifiket na Google da ke manhajar Coursera, alal misali, sai ɗalibi ya sami kashi 80 cikin 100 a kowace jarrabawa mai maki kafin a ce ya wuce ta. Kin ma san irin wannan tun daga WAEC: yaro ya ci A1 a darussa shida, amma idan ya sami D7 a Lissafi, ba shi da kiredit a Lissafi, kuma A1 ɗin nan ba za su cike masa gurbin ba.

Bari mu ɗauki misali. A ce ɗiyarki na yin kwas mai babi 6, kowane babi tambaya 25, wato kowace tambaya maki 4 ke nan. Shingen kowane babi 80 ne. Sannan a ce waɗanda suka ɗauki nauyin karatun sun sa sharaɗin sai matsakaicin makinta gaba ɗaya ya kai 85 kafin ta shiga zango na gaba. Ta riga ta yi babi huɗu, ta sami 92, 88, 76 da 84. Saura biyu.

Abu na farko, ki mayar da matsakaicin da ake nema zuwa jimilla. Babi 6 sau 85 ya ba da 510, kuma wannan ne adadin da za ta tara. Yanzu sai ki cire abin da ke hannu. A nan ne yawancin yara ke yaudarar kansu. Za ta haɗa duka huɗun, ta sami 340, ta cire daga 510, saura 170, ta raba biyu, ta ce miki, "Umma, 85 kawai nake buƙata a kowanne." Lissafin ya fita daidai, sai dai 76 ɗin nan bai haye shinge ba, don haka ba ya cikin kuɗin da za a ƙirga. Abin da ke hannunta na gaskiya shi ne 92 da 88 da 84, wato 264. Ki cire 264 daga 510, saura 246. Ki raba wa babi biyu: 123 a kowanne. Babu mai cin 123 a jarrabawar da ƙarshenta 100 ne.

Duk lokacin da amsar ta wuce 100, kada ki tsaya faɗa kan ta ƙara ƙoƙari a gaba. Ma'anarta ita ce hanyar gaba a toshe take har sai an koma an gyara na baya. Kuma ki lura, da tambaya ɗaya tak ta faɗi. Ta amsa 19 cikin 25, ana neman 20.

Alhamdu lillahi, irin wannan tsari yana ba da damar maimaitawa, don manufarsa ita ce a ƙware, ba a kayar da yaro ba. A Coursera makin da ya fi yawa ake riƙewa, sai dai akan ƙayyade sau nawa za a gwada kafin a jira wasu sa'o'i. Saboda haka maimaitawa ba aikin daren da wa'adi zai cika ba ne, balle a garin da wuta ke iya ɗaukewa wayar ta mutu a tsakiyar jarrabawa.

To, a ce ta maimaita babi na uku ta sami 80 cif. Jimillarta ta zama 344, saura 166, wato 83 a kowane babi. Amma tunda kowace tambaya maki 4 ce, babu yadda za a sami 83. Daga 80 sai 84. Idan ta ci 84 a ɗaya, 80 a ɗayan, 164 ke nan, ta gaza da maki biyu. Kenan abin da za ki gaya mata a sarari shi ne ta amsa tambaya 21 cikin 25 a kowanne. Na fi son a faɗa wa yaro haka, da yawan tambayoyi, don ya fi shiga kai fiye da kashi kaza cikin ɗari.

Idan kuwa ta zauna ta sake karanta babin sosai ta sami 92, jimilla ta koma 356, saura 154, wato 77 a kowanne. A nan ma akwai tarko, wannan karon ta ɗaya gefen. Maki 77 yana ƙasa da shinge, don haka ba 77 take buƙata ba, 80 ne. Ba kuma za ta ci 100 a na biyar ta saki jiki ta kawo 56 a na shida ba, ko da yake 156 ya haura 154. Ki riƙa ɗora amsar da kika samu kusa da shingen, wanda ya fi girma a cikinsu shi ne abin nema.

Kada kuma ki dogara da lamba ɗaya da za ta nuna miki a fuskar waya. Matsakaicin babin da ta wuce kaɗai, 264 a raba uku, 88 ne, abin sha'awa. Amma wannan 88 ɗin bai ce komai ba game da babin da ke jiran gyara. Ki sa ta buɗe shafin maki, wanda a Coursera aka rubuta masa Grades, ku bi jarrabawar ɗaya bayan ɗaya ku ga wadda aka nuna an wuce da wadda ba a wuce ba.

A wannan shafin za ki ga wani abu kuma: nauyin kowace jarrabawa. Duk lissafinmu na sama ya tsaya ne kan cewa babin shida nauyinsu ɗaya. Wani kwas ɗin ba haka yake ba. A ce babi biyar na farko sun ɗauki kashi 70, aikin ƙarshe shi kaɗai kashi 30. Yarinyar da ta riƙa tsallake shinge da ƙyar, 80 a kowanne, ta tara kashi 80 na 70 ɗin, wato 56. Don ta kai 85 tana buƙatar 29 daga cikin 30 da suka rage, kusan kashi 97 a aikin ƙarshe. Da ta koma ta ɗaga babi biyar ɗin zuwa 88, da tana da 61.6 a hannu, abin da ya rage 23.4 cikin 30, wato kashi 78, sai shingen 80 ya zama shi ne kawai abin da za ta haye.