Saurin Talla Daban, Natsuwar Darasi Daban: Sakan Nawa Hoto Zai Tsaya Kafin A Yanka?



Kwanakin baya wata ƙanwarmu ta yi asarar mudu guda na waken suya. Ta ga bidiyon koyar da awara a waya, wanda bai fi sakan 40 ba, ga kiɗa ga kyan hoto. Ta kalle shi ya fi sau biyar, ta jiƙa wake, ta kai markaɗe, ta tace, ta ɗora a wuta. Da aka zo zuba ruwan tsami sai ta juye shi gaba ɗaya, domin haka ta gani an yi. Awara ta fito da tauri da tsami, yaran gida ma suka ƙi ta. Da muka karɓi wayar muka duba, sai muka tarar wurin zuba tsamin nan bai kai sakan biyu ba a bidiyon. An nuna hannu ya karkata kofi, sai kawai ga awara ta dunƙule. Mai girkin ta iya aikinta. Wanda ya tace bidiyon ne ya yanke darasin ya jefar, ya bar mana ado.

Wannan ne ya sa muke ganin lokaci ya yi da masu ɗora bidiyo a cikinmu za su daina yanka darasi da almakashin talla. Abin da 'yan fim ke kira shot, wato hoton da ke tsakanin wannan yanka da na gaba, ba shi da wani tsayayyen tsawo da za a haddace. Tsawonsa ya danganta da abin da ake son mai kallo ya tashi da shi. Mai kallon talla ya gane abu ya yi sha'awarsa, shi ke nan. Mai kallon darasi kuwa sai ya iya maimaita abin da hannunsa. Ganewa na faruwa cikin ƙiftawar ido, iyawa kuwa tana son lokaci.

Ba a wayar hannu saurin yanka ya fara ba. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1960 yawancin finafinan Amurka na tsayar da hoto kimanin sakan 8 zuwa 11 kafin a yanka, daga baya abin ya yi ta gajarcewa. Yau ido ya saba da sauri, har mai tace bidiyo na jin kamar ya yi laifi idan hoto ya wuce sakan uku. Amma sabo da sauri bai ƙara wa kowa saurin koyo ba.

Bari mu ɗauki awarar nan mu yanka ta gida biyu, da hotuna iri ɗaya da aka ɗauka rana ɗaya a ɗakin girki ɗaya.

Mu fara da talla mai sakan 20. A nan sakan na farko su ne jari, domin babban yatsa na kan gilashi yana shirin wucewa, kuma irin tallar nan ta YouTube da ake iya tsallakewa, bayan sakan biyar maɓallin tsallakewar ke fitowa. Don haka ba sallama mai tsawo, ba gabatar da kai. Mu buɗe da awara tana soyuwa a mai, sakan biyu. Matsami ya tsamo ta, sakan ɗaya da rabi. Hannu ya ɓare guda ɗaya a ga laushin cikinta da tururi, sakan biyu da rabi, domin nan ne yawu ke tsinkewa. A barbaɗa yaji, sakan ɗaya da rabi. A jera ta a roba mai tsabta, sakan biyu. Fuskar mai sana'ar, sakan biyu da rabi, saboda ido na daɗewa a kan fuska fiye da kan kaya. Farashi a rubuce, sakan uku. Sai na ƙarshe: suna, unguwa da lambar waya, sakan biyar cur. Shot takwas ke nan a sakan 20.

A lura, wanda ya fi kowanne tsawo a tallar shi ne wanda babu motsi a cikinsa. A nan masu tallarmu da yawa ke yin abin a juye. Sai su cinye sakan goma wajen gaisuwa da jujjuya tambari, sannan lambar waya ta gifta kamar walƙiya. Lambar wayar Najeriya alƙaluma 11 ce. Ka gwada karanta ta a fili ka ji yawan lokacin da za ta ci, balle ga wanda zai kwafa. Dokar da muke bi mai sauƙi ce: duk rubutun da ka sa, ka karanta shi da baki sau biyu a natse, in ya ɓace kafin ka gama, to ya yi gajarta. Tallar da aka yi sha'awa amma ba a san inda za a saya ba, kuɗin data kawai ta ci.

Yanzu mu koma darasi. Aikin awara na cin awanni, bidiyon kuma ba zai wuce 'yan mintuna ba, don haka dole a yanka. Tambayar ita ce me za a yanke. Amsarmu: a yanke jira, a bar aiki. Jiƙon wake na ɗaukar awanni, amma babu abin kallo a ciki, sakan uku ya isa tare da rubutun da ke faɗin tsawon lokacin. Tafiya wajen mai inji, hura wuta, jiran tukunya ta tafasa, duk a tsallake. Jerin kayan haɗi kuwa a tsaya a kansa sakan shida zuwa takwas, domin abubuwa ne da yawa a hoto guda, ido sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hoto na kusa mai abu guda ana gane shi nan take, na nesa mai tarkace yana buƙatar ƙarin lokaci.

Idan aka zo zuba ruwan tsami, sai a ajiye almakashi. Kyamara ta tsaya a saman tukunya tun kafin hannu ya shigo. A ga ana zubawa kaɗan-kaɗan, a ga an dakata, a ga farin ruwan ya fara tsinkewa, a ga awara na taruwa a sama, a ga ruwan ya bar kamannin madara ya koma garai-garai da ɗan ɗorawa. Ko da zai kai rabin minti ko ya wuce, a bar shi a haɗe. Dalili kuwa shi ne, abin da ake koyarwa a nan sauyi ne, kuma alamar daina zubawa tana cikin sauyin. In tsami ya yi kaɗan ruwa zai zauna fari, awara ba za ta haɗu ba. In ya yi yawa ta yi tauri ta yi tsami. Wanda ya yanka daga karkata kofi zuwa dunƙulalliyar awara ya nuna farko da ƙarshe, ya ɓoye tsakiya, alhali tsakiyar ake nema.

Haka nan kowane aikin hannu, ko ɗaurin ƙyallen matsewa ne ko kaurin yanka. Mu fara hoton kamar sakan ɗaya kafin hannu ya motsa, don ido ya san inda zai duba. Bayan aikin ya kammala mu ƙara sakan biyu a kan sakamakon, don mai koyo ya kwatanta da nasa. A talla ana yanka tun motsi bai ƙare ba, saboda hakan ke jan mutum zuwa hoto na gaba. A darasi wannan dabarar sata ce. Kuma kiɗa ba shi ne jagora ba. A talla ana iya sa yanka ya faɗa daidai bugun kiɗa, a darasi kuwa hannu da bakin malami ake bi: muddin ana maganar abu, abin ya kasance a gaban ido.

Mun san me wasu za su ce. Za su ce mutane ba su da haƙuri, in ka tsaya za su wuce. Za su ce data na da tsada. Za su kuma ce ai mai koyo na iya tsayar da bidiyo ko ya mayar baya. Maganar data gaskiya ce, shi ya sa muka ce a zubar da jira da doguwar gabatarwa da roƙon a danna a bi shafi. Nan ne ɓarnar take, ba a tukunya ba. Maganar haƙuri kuwa, wanda ya nemi yadda ake awara da kansa ba ɗaya yake da mai zazzaga waya don rage dare ba. Ya zo da buƙata, abin da zai kore shi surutu ne, ba ganin aiki ba. Tsayar da bidiyo kuma hoto sandararre yake bayarwa, ba ya nuna yadda ruwa ke sauyawa. Mayarwa baya ba ta dawo da abin da aka riga aka yanke. Ƙanwarmu sau biyar ta mayar.

To yaya za mu gane mun yi daidai kafin mu ɗora? Ba idonmu za mu tambaya ba. Wanda ya ɗauki hoto ya kalle shi sau talatin a CapCut ko KineMaster, komai tsawo yake yi masa, domin ya riga ya san abin da ke ciki, sai ya yi ta datsewa. Darasi a miƙa wa wanda bai taɓa yin aikin ba, a kashe sauti, a zuba masa ido. Duk inda ya kai yatsa ya mayar baya, hoton ya yi gajarta. Duk inda ya ɗaga kai ya dubi wani wuri, ya yi tsawo. Bayan ya gama ya faɗi matakan da bakinsa, matakin da ya manta a koma a duba sakan nawa aka ba shi. Talla kuwa a nuna ta sau ɗaya tak, a kife wayar, a tambaye shi me ake sayarwa, nawa ne, a ina. In ya amsa biyu ya rasa ɗaya, an san shot ɗin da za a ƙara wa lokaci.

Mu da muke rubutu ba baƙi ba ne a wannan. Mun san jimlar da ake gajartawa don ta daki zuciya, mun san wadda ake warwarewa don a fahimta, kuma ba ma rubuta takardar bayanin shan magani da salon kirari. Bidiyo ma haka ne. Mai talla in ya yi kuskuren lokaci, shi zai yi asarar ciniki. Mai darasi in ya yi, wani ne can zai yi asarar wakensa ko yadinsa, ya kuma ɗora wa kansa laifi yana cewa shi ne bai da kai. Wannan haƙƙi ne a wuyan mai yanka.

Saboda haka kafin mu danna almakashi, mu tambayi kanmu: wannan hoton so nake a yi sha'awarsa, ko so nake a iya shi? Ƙanwar tamu dai ta sake gwadawa, wannan karon a gaban wata maƙwabciya mai sana'ar, wadda ta riƙe mata hannu a kan kofin tsami tana cewa, "Dakata 'yata, ki duba ruwan tukunna." Waɗannan sakan na dakatawa su ne bidiyon ya hana ta.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.