Wanda ya ja da baya shi ne ya buɗe ƙofa

Duk sa'ad da aka zura ƙwallo ta bayan 'yan baya huɗu da suka tsaya a jere kusa da layin tsakiya, hukuncin da ke fitowa daga gidajen kallo, har ma daga bakin wasu masu sharhi, ɗaya ne: ganganci suka yi, me ya hana su komawa su tare gida? Wannan hukunci yana da daɗin faɗa, amma bai san dokar wasan ba, kuma kusan kullum mara laifi yake kamawa.

Doka ta 11 ita ce tushen maganar. Ɗan wasa yana matsayin satar gida idan yana cikin rabin filin abokan hamayya, kuma kansa ko gangar jikinsa ko ƙafarsa ta fi ƙwallo da kuma abokin hamayya na biyu daga ƙarshe kusa da layin raga. Mai tsaron raga ne yawanci na ƙarshe, don haka na biyun shi ne ɗan bayan da ya fi kowa komawa baya. Ma'anar wannan ita ce mutum ɗaya tak ke shata iyakar da ɗan gaba zai iya tsayawa. In uku sun tsaya a jere, na huɗu ya noƙe da mita uku, to ya halatta wa abokan hamayya wani zirin fili mai zurfin mita uku daga wannan gefe zuwa wancan, a bayan 'yan uwansa da ba su san an buɗe ba. Shi a ransa kariya yake yi. Sau da yawa ɗan bayan gefen da ƙwallo ba ta wajensa ne ke wannan aika-aika, alhali shi ne ya fi kowa ganin layin gaba ɗaya, saboda haka shi ya fi kowa rashin uzuri.

Dalili na biyu na riƙe layi ya fi kama satar gida muhimmanci. Manyan filaye suna da tsawon mita 105 da faɗin 68, kuma mutum goma ba za su iya tsare wannan sarari ba. Arrigo Sacchi, wanda ya karɓi AC Milan a 1987, ya so tazarar da ke tsakanin 'yan bayansa da 'yan gabansa kada ta wuce kimanin mita 25 idan ƙwallo tana ƙafar abokan hamayya. Tassotti da Costacurta da Baresi da Maldini suna matsowa gaba, sai filin ya ƙuntata, duk wanda ya karɓi ƙwallo ya tarar da mutum biyu a kansa. Da suka je Bernabéu a Nuwamba 1989, an ɗaga wa Real Madrid tutar satar gida fiye da sau ashirin. Masu cewa a koma baya ba sa faɗin kuɗin da za a biya: duk mitar da 'yan baya suka ja, sarari ne suka bar wa mai raba ƙwallo a gabansu, ya tsaya ya zaɓi abin da yake so.

Zancen lokaci shi ne inda aka fi yin kuskure. Mai kallo yana zaton 'yan baya ɗan gaban da ke gudu suke lura da shi. Alhali doka tana auna matsayi ne a daidai lokacin da abokin wasansa ya buga ƙwallon, ba lokacin da ya karɓa ba. Saboda haka idon jagoran layi yana kan mai riƙe da ƙwallo, kuma tambayarsa guda ce: wannan mutum zai iya tura ta gaba yanzu, ko ba zai iya ba? Idan ya juya wa raga baya, ko an matsa masa kansa na ƙasa, ko ƙwallo ta kuɓuce masa, ko an mayar da ita baya tana kan hanya, to babu mai iya cutar da su a wannan daƙiƙa, sai layi ya tako gaba tare, da kira ɗaya. Idan kuwa ya fuskanto su, ya ɗaga kai, babu kowa a kansa, sai su karkata jiki su ja da baya, su ma tare, har wani ɗan tsakiya ya isa gare shi.

A ɗauki misali da lissafi. Ɗan gaba yana mita biyu kafin layi, ya taso da gudun mita takwas a daƙiƙa. Cikin rubu'in daƙiƙa zai kai daidai da na ƙarshe, kuma tun gyaran dokar 1990 wanda yake daidai bai yi satar gida ba. Wannan ne lokacin da mai ba shi ƙwallo yake nema. Idan ɗan tsakiya ya matsa wa mai ƙwallon har ya ƙara taɓawa ɗaya, rabin daƙiƙa ya tafi, ɗan gaban ya ci mita huɗu, ya wuce layi da biyu ko da 'yan baya ba su motsa ba. Su ƙara taku ɗaya, tuta ta tashi ba gardama. Amma idan babu mai matsawa, ƙwallon za ta fita a kan kari, kuma takun da 'yan baya suka yi gaba ya zama masifa: nauyinsu yana gaba, kafin su juya mai gudu ya ba su tazarar da ba ta kamuwa. Motsi iri ɗaya ne a wurin 'yan baya, abin da ya raba nasara da kunya ya faru ne mita ashirin gabansu.

Wasanni biyu sun nuna wannan a fili. A Oktoba 2024 Barcelona ta Hansi Flick ta ci Real Madrid 4-0 a Bernabéu, da Koundé da Cubarsí da Iñigo Martínez da Balde a baya. An kama Madrid da satar gida sau 12, takwas daga ciki na Mbappé ne, har aka soke masa ƙwallo biyu. Ba gudu 'yan bayan suka fi shi ba, ko kusa. 'Yan gaba da 'yan tsakiyar Barcelona ne suka riƙa jinkirta masu ba shi ƙwallo. A Nuwamba 2023 kuwa, Tottenham ta Ange Postecoglou ta koma mutum tara bayan an kori Romero da Udogie, amma ta ci gaba da jera layinta a bakin tsakiya a gaban Chelsea. Ba ta da sauran mutanen da za su matsa wa mai ƙwallo, don haka Chelsea ta yi ta gwadawa har ta dace, Nicolas Jackson ya ci uku, aka tashi 4-1. A nan masu sukar suna da gaskiya, sai dai ba don dalilin da suke bayarwa ba: layin bai rasa nisa ba, masu tsare masa gaba ya rasa.

Tarkon yana da iyaka da doka ta sa masa. Ba a satar gida kai tsaye daga jifa ko bugun kusurwa ko bugun mai tsaron raga, haka ma wanda ya taso daga rabin filinsu kafin a buga. Tun bayan fayyace dokar a 2005, wanda ke matsayin satar gida amma bai shiga wasa ba, ba a hukunta shi, sai ƙungiyoyi suka koyi barin ɗan gaba a can yana jan hankali, wani ya ɓullo daga tsakiya a halatta. Shi ya sa mai tsaron raga na irin wannan ƙungiya yake fitowa daga da'irarsa ya share abin da ya tsallake. Kuma ɗan bayan da ya ɗaga hannu ya tsaya jiran tuta ya yi wauta, domin inda ake aiki da VAR mataimakin alƙali kan jinkirta ɗagawa har harin ya ƙare.

Mai son sanin wa ya yi laifi ya tsayar da hoton a daidai lokacin da ƙafa ta taɓa ƙwallo, ya duba abu biyu: ko huɗun suna kan layi ɗaya, da kuma mita nawa ne tsakanin mai bugawa da wanda ya fi kusa da shi.