Ba laifin mai nema ba ne: ƙugiyar harafi da gazawar fihirisa

Ɗalibin shari'a ya buɗe taskar labarai ta wata jarida a wayarsa, ya rubuta "daukaka kara", aka ce masa babu. Alhali taskar cike take da labaran ɗaukaka ƙara, editoci sun sa wa kowane harafi ƙugiyarsa. Ya kai kuka, amsar da ya samu ita ce ya koyi rubuta Hausa daidai. Wannan amsa kuskure ce, kuma akwai rainin hankali a cikinta. Allon rubutun da ke zuwa da yawancin wayoyi ba ya nuna ƙ, ɗ da ɓ sai an ƙara masa Hausa, kuma mai nema ba jarrabawa ya zo rubutawa ba. Aikin daidaitawa yana wuyan wanda ya gina fihirisar, wato jerin kalmomin da injin nema ke dubawa.

Ga na'ura, k da ƙ ba su haɗa dangi ba: lambar k a tsarin Yunikod ita ce U+006B, ta ƙ kuwa U+0199. Masu shirya manhaja da dama sun ɗauka cewa dabarar da ke cire alamar kan é za ta yi maganin wannan. Ba za ta yi ba. Harafin é yana rabuwa gida biyu, e da alamarsa, idan aka bi da shi ta `NFKD`. Haka ma wasulan da ƙamus ke sa wa alamar karin sauti. Amma Yunikod bai ba haruffa masu ƙugiya irin wannan rabuwa ba, kowannensu harafi ne guda. To, ga layin da ake yawan kwafowa:

```python
unicodedata.normalize("NFKD", s).encode("ascii", "ignore")
```

Tunda ƙ ba ta rabu ba, kuma ba ta cikin haruffan da aka yarda su wuce, sai a jefar da ita ɗungurungum. "Ɗaukaka ƙara" ya koma "aukaka ara", "ɗan" ya koma "an", "ɗa" ya narke cikin "a", kalmar da da wuya a sami shafin da babu ita. Abin da ke ɓoye ɓarnar shi ne, idan mai gwaji ya rubuta kalmar da ƙugiyarta, tambayarsa ma za ta lalace ta hanya ɗaya, ta dace da abin da ke fihirisa, ya tashi yana murna. Gwajin gaskiya shi ne a nemi kalma guda sau biyu, da ƙugiya da kuma babu, a kwatanta yawan sakamakon.

Wasu kuma sukan ce a huta, a goge ƙugiya daga rubutun kansa. Wannan gyaran gangar auzinawa ne. Ƙasa ba kasa ba ce, ɓata ba bata ba ce, kuma kafa gwamnati daban yake da ƙafa. Na'ura tana iya sauke ƙ zuwa k cikin ƙiftawar ido, amma ba ta iya mayar da ita ba tare da fahimtar jimla ba. Abin da aka goge ya tafi.

Gyaran da ya dace ba ya taɓa rubutun da aka adana. A lokacin gina fihirisa, kowace kalma a shigar da ita a siffa biyu: yadda marubuci ya rubuta ta, da kuma saukakkiyar siffa inda ƙ ta zama k, ɗ ta zama d, ɓ ta zama b, manya da ƙanana. Tambayar mai nema ma a bi da ita ta wannan hanya, sannan a fifita dacewa da siffar asali wajen jera sakamako. Wanda ya rubuta "ƙara" zai ga ƙara a sama, karan dawa a can ƙasa. Wanda ya rubuta "kara" zai ga duka biyun, ya zaɓa. A Elasticsearch matatar `asciifolding` tana sauke waɗannan haruffa, kuma `preserve_original` yana riƙe asalin. Sai dai sauya saiti bai isa ba, dole a sake gina fihirisar tsofaffin rubuce-rubuce.

Inda matatar ke tuntuɓe shi ne 'y. Najeriya tana rubuta 'ya'ya, Nijar tana rubuta ƴaƴa. Matatar za ta mai da ƴaƴa "yaya", mai yanka kalmomi kuma yakan yar da alamar farko ta 'ya'ya ya bar "ya'ya", don haka rubutun Zinder da na Kano ba za su haɗu ba. Alamar kanta ma iri uku ce a rubuce-rubuce: U+0027, U+2019 da U+02BC. Nan sai an rubuta ƙa'ida da hannu kafin a yanka kalmomi: a haɗe alamomin uku, a mai da 'y da ƴ abu ɗaya, a kuma kama tsohon salon k', d', b' na masu rubutu da allon da ba shi da ƙugiya, ba tare da an taɓa alamar da ke cikin "ma'ana" ko "sa'a" ba.